Abin da Ido Ke Yafewa, Kunne Ba Ya Yafewa

Ranar 13 ga Maris, 1957, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa daga Landan. A lokacin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekara 18 tana fitowa daga Zariya, wato Hausar jarida ta riga ta kafu kafin yawancin gidajen rediyon da aka sani yau. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a gaban makirfo da takarda a hannu ya san Hausar da ta gamsar da mai karanta jarida tana iya kayar da mai karanta labarai. Jimla ce lafiyayya, babu kuskuren nahawu, amma da an ɗora ta a harshe sai ta sarƙe.

Ga misalin jimla irin wadda ake cin karo da ita kullum a jaridu: "Shugaban ƙaramar hukumar, wanda ya ziyarci manoman da ambaliyar da aka yi a watan jiya ta lalata wa gonaki tare da mataimakinsa, ya ce ya raba musu naira 350,000."

Mai karatu da ido zai wuce ta ba tare da ya ji ɗar ba. Idonsa yana hango waƙafi biyun nan, ya gane abin da ke tsakaninsu ƙarin bayani ne, ya tsallaka zuwa "ya ce", in kuma ya ɓata hanya ya koma baya cikin ƙiftawar ido. Mai sauraro ba shi da wannan gata. Kalmomi suna zuwar masa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta wuce ta wuce. An ambaci shugaba, sannan kalmomi 19 suka shiga tsakani kafin a faɗi abin da ya yi. Duk tsawon wannan lokaci kunne yana riƙe da shugaban kamar mai riƙe da tulu a ka yana jiran a nuna masa inda zai sauke, ana kuma ƙara ɗora masa manoma da ambaliya da gonaki. Kafin a iso "ya ce", direban da ke saurare cikin cunkoson motoci ya manta wane ne mai maganar.

Shi ma mai karantawar yana cikin tasa wahalar. Magana kan fitar numfashi take hawa, kuma a hira ta yau da kullum mutum yakan shaƙi iska a inda ma'ana ta ba da sarari, ba tare da ya sani ba. Wannan jimla ba ta ba da sararin ba. Idan iska ta ƙare masa bayan "gonaki", ya tsaya ya shaƙa, sai "tare da mataimakinsa" ta manne da abin da ke gaba. Idan ya daure ya zarce, sai a ji kamar ambaliyar ta lalata gonaki har da mataimakin shugaba. Alamar da ake gane irin wannan jimla ita ce muryar mai karatu tana dusashewa a ƙarshe, yana gaggawa, yana haɗiye kalmomin da suka fi muhimmanci, waɗanda a nan su ne kuɗin.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar Hausa, wadda marubuta da yawa ba sa lura da ita. Rubutun boko da aka daidaita a shekarun 1930 ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, alhali a baki wasalin farko na garin tuwo dogo ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya iri ɗaya suke a takarda, haka ma wuya na jiki da wuya ta wahala. Ƙamusun Bargery na 1934 ya sa wa kalmomi alamomin da ke bambanta su, amma jarida da littafin labari ba sa sawa. Mai karatu a zuci ba dole ne ya yanke hukunci nan take ba, yana iya jira ƙarshen jimla ya warware masa. Mai karatu da murya kuwa tilas ya zaɓi sauti ɗaya tun kafin ya ga abin da ke gaba.

A jimlar shugaban nan, tarkon yana cikin ƙaramar kalmar "ya" ta gaban "raba". Idan aka ja ta da sauti sama, ma'anar ita ce shugaban ya riga ya raba kuɗin. Idan aka gajarta ta da sauti ƙasa, ta zama umarni: shugaban ya ce wa wani, wataƙila mataimakin, ya je ya raba. Labari biyu ke nan mabambanta a cikin haruffa biyu, kuma manomin da ke sauraro a ƙauye zai so ya san ko an biya ko ba a biya ba. Laifin a nan na marubuci ne, don shi ya san gaskiyar lamarin, ya bar wa mai karatu caca.

Lamba ma haka take. Ido yana ɗaukar 350,000 a dunƙule. A baki kuwa, "dubu ɗari uku da hamsin" tana iya nufin 350,000, tana iya nufin 300,050. Shi ya sa gogaggun masu karanta labarai kan maimaita kalmar, su ce dubu ɗari uku da dubu hamsin.

Gyaran ba ya buƙatar a sauya ko da gaskiya ɗaya ta labarin: "Shugaban ƙaramar hukumar ya ce tuni ya raba wa manoma kuɗi. Su ne waɗanda ambaliyar watan jiya ta lalata wa gonaki. Kuɗin sun kai naira dubu ɗari uku da dubu hamsin. Ya faɗi haka ne da ya ziyarce su, shi da mataimakinsa." Mai aikin da aikinsa sun zo kusa da juna. Kalmar "tuni" ta toshe ƙofar umarni, don haka harshe zai faɗa kan sautin da ya dace da kansa. Kowace jimla tana shiga numfashi ɗaya. An yi ƙarin kalmomi, a takarda ma ta yi kama da rubutun ɗan firamare, amma a kunne ta fi gajarta saboda ba a neman a sake ta.

Wannan hanya tana da iyaka. Masu karanta littattafan soyayya da na tarihi a gidajen rediyon Kano da Kaduna sun san gajerun jimloli masu tsayi ɗaya, in sun jeru, suna zama kamar sassaƙar turmi, su gundure mai sauraro. Doguwar jimla tana tafiya lafiya a baki muddin abubuwanta sun biyo juna kamar yadda mai ba da labari ke jero su: ya tashi, ya ɗaura sirdi, ya hau, ya nufi gabas. Wadda ke karyewa ita ce mai cusa bayani cikin bayani, "da" cikin "da". Editocin rediyo kan gano ta ne ta hanyar karanta rubutun a bayyane, da ƙarfin muryar da za a yi shirin, alƙalami a hannu, suna ja wa duk inda harshe ya yi tuntuɓe layi kafin takardar ta shiga ɗakin watsa shiri.