Gado daban, kujera daban: wa zai riƙe kamfanin gida bayan Alhaji?

Lokacin da Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, ɗansa Ahmadu ne ya karɓi ragamar kamfanin gidan. Bai daɗe ba shi ma ya rasu a 1960, ƙanensa Aminu ya hau. Sau biyu ke nan kujera tana canza hannu cikin shekara biyar, kuma harka ba ta tsaya ba, domin an riga an horar da 'ya'yan a cikin sana'ar tun mahaifinsu yana raye. Amma duk wanda ya san Kantin Kwari ko Singa ya san ba haka yawancin labaran suke ƙarewa ba. Ana gama sadakar bakwai sai a ga shago da kwado, bayan shekara a ga wani suna a jikin allon.

Tushen matsalar shi ne ana cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai mallakar kamfani, akwai kuma gudanar da shi. Mallaka dukiya ce, kuma ga Musulmi shari'a ta riga ta yanke yadda za a raba ta: wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji. Gudanarwa kuwa aiki ne. Ba a gadon iya sayen kaya, ba a gadon sanin wanda za a bai wa bashi. Wannan ɓangaren ne mai kamfani yake da ikon tsarawa, kuma shi ne aka fi bari sai Allah ya yi ikonsa.

Bari mu ɗauki misali, na ƙaddarawa ne kawai. Wani Alhaji yana da kamfanin atamfa da shadda mai hannun jari 800,000, duk nasa ne. Ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matan za su raba sumuni, wato 100,000, kowace 50,000. Ragowar 700,000 a raba su gida goma, kowane namiji ya sami 140,000, kowace mace 70,000. To a ce uwargida tana da maza biyu da mace ɗaya: ɗakinta ya tashi da 400,000. Amarya tana da namiji ɗaya da mata uku: ita ma ɗakinta 400,000 cif. Babu wanda aka zalunta, rabo ya yi daidai. Sai dai naɗa darakta ko cire shi yana buƙatar rinjayen ƙuri'a, canza dokokin kamfani kuma yana buƙatar kashi uku cikin huɗu. Idan ɗakunan nan biyu ba sa ga maciji, kamfanin ya tsaya cak, alhali kwantenar kaya tana tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Da Alhajin nan ya so kauce wa hakan, aikin farko shi ne ya zauna ya rubuta ayyukan da idan mai yin su ya ɓace yau, ciniki zai tsaya cikin mako guda. A irin wannan kamfani ba su cika wuce huɗu ba: mai sa hannu a banki, mai hulɗa da masu ba da kaya a Cana ko Dubai, mai riƙe da littafin bashi, da mai sito. Sau da yawa za a tarar uku daga ciki Alhaji ne da kansa, na huɗun kuma babban yaronsa ne da ya shekara ashirin tare da shi, wanda ba shi da ko sisi a gadon. Wannan mutumin a kula da shi. Idan magada suka fara yi masa kallon bare, zai tafi ya buɗe nasa, kuma 'yan sari shi suka sani, shi za su bi. A yi masa takardar aiki da albashi tsayayye da wani kaso na riba tun yanzu.

Kowane aiki a sa masa suna biyu: wanda zai riƙe gobe da safe idan an tashi da labarin rasuwa ko ciwo, da wanda ake rainonsa don ya gaji wurin nan da shekara uku zuwa biyar. Ba dole su zama mutum ɗaya ba, kuma ba dole na biyun ya zama ɗan fari ba. Na san wannan maganar tana da nauyi a gidajenmu, amma girma na shekaru a ba shi haƙƙinsa a zaure, a shago kuwa a duba wanda lissafinsa yake fita. Yarinyar da ta karanci akanta ma a sa ta a lissafi, ko da tana gidan miji.

Yadda za a gane ko shirin na gaske ne ba shi da wuya. Alhaji ya tafi Umara ya yi wata guda bai amsa wayar kasuwa ba. Da ya dawo a duba abu uku: an biya masu kaya a kan lokaci? Bashin da ke waje ya ƙaru ko ya ragu? Kayan da ke sito sun yi daidai da abin da ke littafi? Duk inda aka ce "mun jira ka dawo", nan ne ramin yake.

Sai batun takardu, inda aka fi yin sakaci. Mutane da yawa suna cewa suna da kamfani, alhali sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista a hukumar CAC. A doka irin wannan kasuwanci shi da mai shi abu ɗaya ne, don haka da banki ya ji labarin rasuwa zai rufe asusu sai an kawo takardar kotu, abin da kan ɗauki watanni. Cikakken kamfani shi ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Amma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, ya zama shi kaɗai ne darakta, kuma wanda ya yi haka ya dawo da matsalar ta bayan gida. A naɗa daraktoci uku, ɗaya daga ciki amintacce wanda ba na ɗakin kowa ba, a kai wa banki sunayen mutum uku da sharaɗin biyu daga ciki su sa hannu. Lambar wayar da saƙon banki yake shiga ma ta zama ta kamfani, ba layin aljihun Alhaji ba.

Akwai iyakar abin da shiri zai iya yi. Bayan rasuwa, magada su ne masu kamfani, kuma idan suka sami rinjaye suna iya cire wanda Alhaji ya naɗa. Shi ya sa ake buƙatar ƙofar fita a cikin dokokin kamfanin: duk magajin da yake son kuɗinsa ya fara tallata wa 'yan'uwansa kasonsa, akanta na waje ya yi masa ƙima, a biya shi kashi-kashi yadda jari ba zai karye ba. A kuma rubuta cewa mai aiki albashi yake ci, riba kuwa ta kowa ce gwargwadon kasonsa. Rashin wannan rarrabewa ne ke sa 'yan'uwa mata su fara zargin cewa ana cin nasu.

Wanda kuma yake son bai wa magajin kujera wasu hannayen jari don ya sami rinjaye, to ya yi kyautar yana da lafiya, a canza sunan a rajista, wanda aka bai wa ya karɓa a hannu, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado. Malamai kuma sun yi gargaɗi a kan fifita wani ɗa da kyauta, don haka kafin a je wurin lauya a fara zama da malamin da ya san ilimin gado.

Alhaji, idan yau kai kaɗai kake sa hannu a banki, fara da wannan: ka je reshenku cikin makon nan ka tambayi abin da ake buƙata don ƙara mutum biyu.