Mutum 12, Kwana 14: Yadda Ake Gwada Manhaja Kafin Ta Shiga Kasuwa

Duk wanda ya buɗe asusun ƙashin kansa a Google Play Console bayan 13 ga Nuwamba, 2023, ba zai saki manhajarsa ga jama'a ba sai ya cika wani sharaɗi: aƙalla mutum 12 su shiga gwajinta, su kuma zauna a ciki kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, a Disambar 2024 aka rage. Matasa da dama suna kallon sharaɗin a matsayin shinge, sai su tara abokai su ce kowa ya sauke kawai don lissafi ya cika. A ganina asara ce babba, domin ba a sake samun damar jin aibin aikinka a asirce irin wannan.

A ɗauka wata matashiya ce a Kano ta haɗa manhajar rubuta bashi don 'yan kasuwa. Matakinta na farko shi ne wanda aka rubuta Internal testing. Yana ɗaukar mutum har 100, amma biyar sun ishe ta. Za ta ɗora manhajar, ta saka adiresoshin imel ɗinsu, ta tura musu mahaɗin shiga. Amfaninsa sauri ne, don sabon gyara kan isa wayoyinsu cikin 'yan mintoci. Nan ake kama manyan kurakurai, irin manhajar da ke mutuwa da zarar an buɗe ta. Kowane sabon ɗori sai ta ƙara lambar versionCode, in ba haka ba a ƙi karɓa.

Sai dai wannan matakin ba ya shiga lissafin kwana 14. Closed testing ne ke shiga, kuma shi Google kan duba manhajar kafin ta isa ga masu gwaji. A nan mutane ke yawan tuntuɓe. Saka imel ɗin mutum bai sa ya zama mai gwaji ba, sai ya buɗe mahaɗin ya amince, da asusun Google ɗin da ke kan wayarsa. Idan ya ce bai ga manhajar a Play Store ba, galibi wani imel ɗin daban ya bayar. Wanda kuma ke cikin gwajin farko sai ya fita daga can kafin ya samu na biyu. Tunda wanda ya fita a tsakiya yana rage adadin, gara ta gayyaci 20.

Su wa za ta gayyata? Wannan ita ce tambayar da ta fi komai nauyi. Abokan karatunta masu manyan wayoyi da intanet mai ƙarfi za su ce mata komai lafiya lau. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda ke riƙe da tsohuwar Itel da ta cika da hotuna, shi ne zai gano abin da ya ɓuya. A ce a kwana na huɗu ya aiko cewa bashin naira 15,000 da ya rubuta wa wani ya koma 30,000. Da ta bi diddigi sai ta ga sabis ne ya yi rauni a cikin shagon, ya danna maɓallin ajiyewa bai ga alamar komai ba, ya sake dannawa, manhajar ta rubuta sau biyu. Ba ta mutu ba, saboda haka ba wani rahoton Play Console da zai nuna wannan. Mutum ne kaɗai zai faɗa. Gyaran kuwa ƙarami ne: maɓallin ya kulle bayan dannawar farko, a kuma nuna cewa ana ajiyewa. Ta fara tura shi Internal testing, in ya zauna daidai ta ɗaga shi zuwa Closed testing.

Irin wannan bayani ba ya zuwa idan tambayar ita ce "Yaya ka ga manhajar?" Kunya za ta sa a ce mata ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Aiki za ta ba su: "Alhaji, don Allah rubuta bashin mutum uku yau, gobe ka cire abin da ɗaya ya biya, ka gaya mini inda ka tsaya kana tunani." Saƙon murya a WhatsApp ya fi musu sauƙi. Ita kuma ta riƙa rubuta samfurin wayar da abin da aka danna kafin matsalar. Ra'ayin da masu gwaji suka rubuta ta Play Store ita kaɗai ke gani, ba ya taɓa taurarin manhajar.

Rubutun nan zai yi mata rana. Idan kwanakin suka cika ta nemi izinin Production, za a tambaye ta yadda ta samo masu gwajin, abin da suka faɗa, da abin da ta canza saboda shi. Dubawar kan ɗauki har kwana bakwai, kuma idan aka ga ba a yi amfani da manhajar sosai ba, ana iya cewa ta koma ta ci gaba da gwaji.