Me Ya Sa Sauti Ke Bin Bayan Hoto a Iyafis Marar Igiya?

Duk mai buga gem da iyafis na bulutut ya san wannan matsala: ya danna harbi, wuta ta fito daga bakin bindiga a kan allo, sai bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso kunnensa. Mai kallon fim ma wani lokaci yakan ga leɓen jarumi ya gama motsi kafin maganar ta fito. Yawancin mutane suna ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis, ko su ce an sayar musu da jabu. Gaskiyar maganar ita ce, mafi yawan wannan jinkiri da gangan aka gina shi a cikin iyafis ɗin, domin shi ne kuɗin da ake biya don kada sautin ya riƙa yankewa. Wanda ya gane haka zai san abin da zai iya gyarawa da abin da ba zai iya ba, kuma ba zai ɓarnatar da kuɗinsa wajen neman magani a inda babu shi ba.

Ana auna irin wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Iyafis na bulutut da aka saba gani a kasuwa yakan makara da milisakan 150 zuwa 300, alhali igiya ba ta ƙara wani jinkirin da kunne zai kama. Ba tafiyar saƙon a iska ce ke cin lokacin ba, domin saƙon rediyo yana gudu da saurin haske, kuma tazarar da ke tsakanin aljihu da kunne ba ta kai a ambata ba. Lokacin yana tafiya ne a ayyukan da ake yi wa sautin kafin a aika shi da bayan an karɓe shi. Sauti mai ingancin faifan CD yana buƙatar kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, kuma hanyar bulutut ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi a kai a kai ba tare da tangarɗa ba. Dole wayar ta matse shi tukuna da wani tsari da ake kira kodek. Wanda kowace na'urar kiɗa ta bulutut ke ganewa shi ne SBC, wanda ke rage nauyin zuwa kamar kilobit 328 ko ƙasa da haka. Shi kuwa kodek ba ya aiki sai ya tara guntun sauti ya cika ƙunshi guda. Ƙunshin SBC bai kai milisakan 3 ba, amma na AAC, wanda wayoyin iPhone ke amfani da shi, ya kai kusan 23. Ke nan tun kafin saƙon ya bar wayar an riga an fara jira.

Sai dai babban jiran yana cikin iyafis ɗin kansa. Bulutut yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, zangon da yake rabawa da Wi-Fi da sauran na'urorin bulutut da ke kusa. Don kauce wa karo, yakan yi ta tsalle tsakanin tashoshi 79, har sau 1,600 a daƙiƙa, amma duk da haka wasu ƙunshin sukan lalace a hanya. Jikin mutum ma yana tare wannan saƙo, shi ya sa wayar da ke aljihun baya ta fi wahalar da iyafis. Idan ƙunshi ya lalace, sai an sake aiko shi. Da a ce iyafis yana fitar da kowane ƙunshi da zarar ya iso, da duk wanda ya ɓata sai an ji tsinkewa a kunne. Saboda haka yakan tara sauti a wata 'yar ma'ajiya kafin ya fara saki, kamar mai gidan da famfon unguwarsu ke kawo ruwa yana ɗaukewa, ya kafa tanki: ruwa ba ya yanke masa, amma wanda yake sha yanzu ya ɗan jima da shigowa. Gwargwadon girman ma'ajiyar, gwargwadon santsin sautin, kuma gwargwadon makararsa. Ƙari a kan haka, iyafis mai guda biyu da babu igiya a tsakaninsu dole na dama da na hagu su daidaita da juna sosai, kuma wannan ma yana buƙatar a ajiye ɗan rara.

An zaɓi wannan ciniki ne saboda tsarin da ke ɗaukar kiɗa a bulutut, mai suna A2DP, don sauraro aka ƙera shi. Mai jin waƙa ko karatu ba ruwansa idan sautin ya fara bayan kwatan daƙiƙa, tunda babu hoton da zai gwada shi da shi, amma tsinkewa ɗaya tak za ta dame shi. Matsalar ta fito fili ne da ido ya shigo cikin lamarin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ɗan haƙuri da sautin da ya makara, domin haka duniya take, haske yana riga ƙara isowa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta ta talabijin mai lamba BT.1359, ta nuna cewa masu kallo sukan fara lura idan sauti ya makara da kamar milisakan 125, kuma abin yakan daina karɓuwa idan ya kai wajen 185. Jinkirin iyafis na gama-gari ya faɗa daidai kan wannan iyaka ko ya zarce ta.

To me ya sa iyafis ɗaya zai yi daidai a YouTube amma ya makara a PUBG Mobile? Amsar ita ce bidiyo yana da dabarar ɓoye jinkirin, gem kuwa ba shi da ita. Fim ɗin da ake kallo an riga an kammala shi, wayar ta san abin da zai zo nan gaba. Iyafis da yawa sukan sanar da wayar adadin jinkirinsu, sai manhajar ta riƙe hoton na daidai wannan lokaci don su fito tare. Jinkirin yana nan, an dai tura hoton ne ya jira sautin. Inda ake ganin leɓe da murya sun saɓa, galibi iyafis ɗin ne bai sanar ba, ko ya faɗi adadin da ba daidai ba, ko manhajar ba ta yi aiki da bayanin ba. A gem kuwa ƙarar harbi ba ta wanzu sai ɗan wasa ya danna. A ƙaddara gem yana nuna hotuna 60 a daƙiƙa, kowanne yana ɗaukar milisakan 16.7, iyafis kuma yana makara da 200. Kafin ƙarar ta iso, hotuna 12 sun shige. Takun abokin gaba da ake ji a bayan bango ma haka yake: ana jin inda yake ɗazu ne. Idan aka ce a riƙe hoton ya jira, yatsan ɗan wasa ne zai ji komai ya yi nauyi, wanda ya fi muni. Irin wannan ne ke samun mai gyaran bidiyo ko mai buga fiyano a manhaja.

Wani zai ce ai shi idan sabis ya yi rauni ne ya fi ganin makarar. Lallai raunin intanet yana kawo nasa jinkirin, amma kamanninsa daban ne: hoto da sauti sukan tsaya ko su makara tare, ko a ga 'yan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri. Jinkirin bulutut kuwa hoton lafiya lau yake tafiya, sautin kaɗai ke baya. Gwajin ba wuya. A kashe data da Wi-Fi, a buɗe gem ɗin da ba ya buƙatar intanet, a saurara da lasifikar waya, sannan a saurara da iyafis. Mai son adadi zai iya ɗora iyafis kusa da makirufon wata waya, ya ɗauki bidiyon allon a hotuna 60 a daƙiƙa, ya ƙirga hotunan da ke tsakanin walƙiyar harbi da ƙararsa a manhajar gyaran bidiyo. Sai ya maimaita da lasifika ya cire wannan daga wancan, domin ita ma wayar tana da nata ɗan jinkirin.

Wani kuma zai ce maganin shi ne a sayi mai tsada, ko wanda aka rubuta Bluetooth 5.3 a kwalinsa. Tsada takan sayi daɗin sauti da toshe hayaniya, ba lallai ta sayi sauri ba. Kodek ɗin LDAC na kamfanin Sony, mai kaiwa kilobit 990, don inganci aka yi shi, kuma tura kaya masu nauyi haka yana buƙatar ma'ajiya mai kauri. Lambar da ke jikin kwali ma ba alkawari ba ce, domin iyafis mai sabuwar lamba yana iya ci gaba da aiki da tsohon A2DP da SBC. Abubuwan da aka ƙera musamman don sauri su ne irin aptX Low Latency na kamfanin Qualcomm, mai nufin sauko da jinkiri zuwa wajen milisakan 40, da kuma LE Audio da aka sanar a 2020, mai aiki da kodek ɗin LC3. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai wayar da iyafis duka sun san tsarin, in ba haka ba su koma kan wanda suka yi tarayya a kai. A wayoyin Android ana iya ganin wanda ke aiki a ƙarƙashin Developer options, a wurin Bluetooth audio codec.

Akwai kuma mai cewa, in dai dole ne a jira, me ya sa kiran waya ba ya makara haka? Wannan ma hujja ce ga maganar da ake yi. Kira yana bin wani tsari daban mai suna HFP, wanda ke aika ƙananan ƙunshi a ƙayyadaddun lokuta, ba ya daɗewa yana neman wanda ya ɓata. An sami sauri, amma muryar takan zama siririya, ba ta da faɗin dama da hagu. Shi ya sa idan aka kunna makirufon iyafis a tsakiyar gem, sautin yakan iya lalacewa nan take. Shi ma Game Mode da wasu iyafis ke da shi, aikinsa rage ma'ajiyar ne, don haka a cikin cunkoson kasuwa ko idan an yi nisa da wayar ya fi saurin yankewa.

Saboda haka zaɓin ya danganta da aikin. Mai kallon fim ba ya buƙatar sabon iyafis idan murya ta saɓa da leɓe: ya gwada wata manhajar, ko ya yi amfani da irin VLC da ke ba da damar matsar da sauti gaba ko baya da hannu. Mai buga gem ya kunna Game Mode, ya riƙe wayar a gabansa, ya guji LDAC. Wanda kuwa gasa yake yi, ko yake haɗa sauti da hoto don sana'a, zai fi samun biyan buƙata da iyafis mai ɗan maƙale da ake sokawa a ramin USB-C, wanda ke aika sauti ta nasa tsarin mai sauri, ko kuma ya koma ga igiya, domin ita ba ta matse sauti, ba ta kuma tara shi a ma'ajiya kafin ta kai shi kunne.