A'a, teburin bai ce karatun mace asara ba ne

Wani saƙo na yawo a wayoyin mutanen Nguru da Gashuwa, ɗauke da hoton teburin lissafin albashi, babu sunan wanda ya yi shi. Wai bincike ya tabbatar mace rabin albashin namiji take samu komai zurfin karatunta, don haka kai yarinya gaba da sakandare ɓarnar kuɗi ne. Wanda ya rubuta wannan bai iya karanta teburin ba, kuma bai tambayi kowa ba, alhali ga malaman tattalin arziki nan a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Iyayen da suka yarda ban ga laifinsu ba. Mutum ya ga lambobi jere da taurari, dole ya ɗauka magana ta ƙare.

Ana kuma cewa wai an cire Gashuwa daga teburin don son kai, amma wannan shirme ne: idan garuruwa biyu ake kwatantawa, ɗaya kawai ake sa wa alama, ɗayan shi ne ma'aunin da ake auna na farkon da shi.

Maganar mata ce ke cutarwa. Irin wannan lissafi ya samo asali daga aikin Jacob Mincer na 1974, kuma ga siffarsa, da lambobin misali da na zaɓa don sauƙin bi:

```
log(albashi) = a + 0.07*ilimi - 0.50*mace + 0.03*(mace*ilimi)
```

Ilimi shi ne shekarun makaranta. Mace kuwa alama ce, 1 ga mace, 0 ga namiji. Mai saƙon ya hango lamba irin -0.50, ya ce rabi ke nan. Ko a nan ya yi kuskure, domin albashin a ma'aunin log yake, kuma tun 1980 Halvorsen da Palmquist suka nuna cewa sai an juya lambar da exp(b) - 1. Idan aka juya -0.50, kashi 39 cikin ɗari ake samu, ba 50 ba.

Babban kuskuren yana ɓangaren ƙarshe na lissafin, wanda ya tsallake. Da zarar an ninka mace da ilimi a cikin lissafi, -0.50 ta daina zama gibin dukan mata. Ta zama gibi tsakanin mace da namiji waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, wato inda ilimi yake sifili. Kowace shekarar karatu tana rage gibin da 0.03. Ga wadda ta gama sakandare, shekara 12, gibin ya koma -0.14, kusan kashi 13. Ga mai digiri, shekara 16, ya koma -0.02, kusan kashi 2 kacal.

To me karatu ke ƙara wa ita yarinyar kanta? Wannan ce tambayar da ta dami uba, ba kwatanta ta da ɗan maƙwabci ba. Ga namiji shekara guda tana ƙara 0.07. Ga mace sai an haɗa 0.07 da 0.03, a sami 0.10. Shekara huɗu na jami'a sun zama 0.40, wato ƙarin kusan kashi 49. Wadda za ta karɓi naira 70,000 da takardar sakandare za ta doshi 104,000 da digiri. Namiji a shekarun nan huɗu kashi 32 yake ƙaruwa. Ashe tebur mai wannan siffa kishiyar abin da saƙon ya ce yake faɗa. Haka ma bitar da Psacharopoulos da Patrinos suka yi wa binciken ƙasashe da yawa a 2018 ta samu cewa ribar shekarar karatu ta fi yawa ga mata.

Akwai gaskiya ɗaya a saƙon: gibin yana nan, musamman ga masu ƙaramin karatu, kuma abin damuwa ne. Amma tebur bai faɗi dalilinsa ba. Kuma kada mu wuce gona da iri a namu ɓangaren. A duba lambar kuskure da ake sawa a ƙarƙashin 0.03, idan ta kai 0.02, ba a isa a rantse cewa ribar mata ta fi ta maza ba, sai dai a ce babu alamar ta gaza. Sannan masu albashi kawai irin wannan lissafi ke gani, kamar malamar firamare ko ma'aikaciyar jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Mai sayar da bandar kifi da mai ƙosai a cikin gida ba sa ciki, kuma mata masu albashi marasa karatun boko kaɗan ne, don haka -0.50 ɗin da aka yi ta yayatawa ita ce lambar da ta fi kowace rauni a teburin.

Duk wanda aka turo wa hoton, ya nemi layin da aka ninka mace da ilimi, ya haɗa shi da layin ilimi, kafin ya yanke hukunci kan makarantar 'yarsa.