Afostil: Hatimin da Ƙasar da Ta Ba da Takarda ce Kaɗai ke Bugawa

Jami'in da ke zaune a wani ofishi a birnin Rum bai san sa hannun magatakardan wata jami'a a Turkiyya ba, bai kuma san kamannin hatiminta ba. To in an miƙa masa takardar digiri daga can, ta yaya zai san ba a shagon buga takardu aka haɗa ta ba? Wannan matsalar ce afostil ya zo ya warware.

Afostil wata 'yar shaida ce da hukuma a ƙasar da ta ba da takarda ke bugawa a jikinta, ko ta liƙa mata. Asalinsa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague ranar 5 ga Oktoba, 1961, wadda ta fara aiki a 1965, yau kuma ƙasashe fiye da 120 ke cikinta. Fasalinsa ɗaya ne ko'ina: kanunsa da Faransanci, sai layuka goma masu lamba, da suka haɗa da sunan ƙasar, da wanda ya sa hannu a takardar, da muƙaminsa, da rana da wurin da aka buga shaidar, da lambarta.

Abin da yake tabbatarwa kaɗan ne: sa hannun na gaske ne, mai shi yana riƙe da muƙamin da ya ce, hatimin ma na ofishin ne. Bai ce abin da ke cikin takardar gaskiya ne ba, bai kuma tilasta wa wata jami'a ta amince da darajar digirinka ba. Wannan wani bincike ne daban.

Takardun hukuma ake yi wa: ta haihuwa, ta aure, ta mutuwa, hukuncin kotu, shaidar 'yan sanda, shaidar karatu. Takardar da mutum ya rubuta da kansa, kamar ta wakilci, sai lauya mai izinin shaida takardu ya sa mata hannu tukuna. Takardun kwastan da na ofishin jakadanci ba sa ciki.

Yaushe ake buƙatarsa? Sai in hukumar da za ta karɓi takardar ta nema, kuma ƙasar da ta ba da ita da ƙasar da za a kai ta duk suna cikin yarjejeniyar. Fasfon da kake riƙe da shi ba ya cikin lissafin.

Ɗauki misalin wata ɗaliba da ta yi sakandare a Katsina, ta yi digiri a Ankara, yanzu ta sami gurbin digiri na biyu a Italiya. Takardar digirinta ta Turkiyya ce, kuma Turkiyya da Italiya duk suna ciki, saboda haka ofishin gwamnan lardi a Turkiyya zai buga mata afostil, ba sai ta je neman hatimin ofishin jakadancin Italiya don tabbatar da sa hannun ba. Amma sakamakonta na sakandare hanyarsa daban, domin har zuwa lokacin wannan rubutu Nijeriya ba ta shiga yarjejeniyar ba, haka ma Nijar da Ghana. Tsohuwar hanya za ta bi a Abuja: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance, Ma'aikatar Harkokin Waje ta tabbatar da sa hannun waccan, sannan ofishin jakadancin Italiya ya ɗora nasa. Kowane hatimi na baya yake shaida, shi ya sa ba a tsallake mataki.

A nan 'yan damfara ke cin kasuwa. Duk wanda ya ce zai samo maka afostil na gwamnatin Nijeriya a kan takardar haihuwarka, kuɗinka kawai zai ci. Haka kuma in ɗalibar nan ta dawo gida ba ta yi wa digirinta afostil ba, ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja ba zai yi mata ba. Dole takardar ta koma can, ko da ta hannun wakili ne. Shi ya sa a ganina gara ɗalibi ya gama wannan aiki kafin ya haɗa kayansa.

Jerin ƙasashen yana canjawa. Saudiyya ta shiga a Disamba 2022, Sin a Nuwamba 2023, Kanada a Janairu 2024. Ga kuma wani tarko: ƙasa na iya ƙin amincewa da shigar wata, kamar yadda Jamus ta yi wa Indiya, don haka afostil na Indiya ba ya aiki a Jamus. Ana duba jerin a shafin hcch.net.

Afostil ba fassara ba ne. In an nemi takardar da Italiyanci, sai an nemo mai fassara da hukumar can ta yarda da shi. Shi kansa ba ya ƙarewa, amma takardar da yake kai tana iya tsufa, musamman shaidar 'yan sanda, wadda hukumomi da yawa ba sa karɓa in ta wuce 'yan watanni. Mai shakkar sahihancinsa kuwa sai ya ba hukumar da ta buga shi lambarsa da ranarsa, domin yarjejeniyar ta wajabta mata ajiye rajistar duk wanda ta bayar.