Katan nawa ya kamata a saro a tafi ɗaya?

Ɗauki ɗan kasuwa a Singa, Kano, mai sayar da katan 3,600 na sabulu a shekara. Kowane sari yana cin naira 20,000, kuɗin mota da ’yan dako, ko kayan da yawa ko kaɗan. Ajiye katan ɗaya shekara guda kuma naira 400 ne: hayar sito, ɓarnar ɓera, da jarin da ya kwanta. Yawan zuwa sari asara ne, jibge kaya ma asara ne.

A 1913 Ford Harris ya fitar da lissafin da ya raba gardama:

Q = √(2DS/H)

D cinikin shekara, S kuɗin sari, H kuɗin ajiya. A nan amsar katan 600 ce, sari shida a shekara. Sari ya ci 120,000. Sito kuwa, tunda kaya raguwa suke, a matsakaici katan 300 ne a ciki, shi ma 120,000. In ɗaya ya rinjayi ɗaya sosai, adadin ya kauce.

To yaushe za a aika? Yana sayar da kusan katan 10 kullum, kaya na kwana 7 a hanya, don haka da ya rage 70 sai ya yi waya. Ni dai zan ce 100, domin mota kan lalace. Gab da Sallah kuwa ciniki na tashi, dole a sake lissafi.