Yadda Ake Gabatar da Sabuwar Takardar Shaida a Wasiƙar Neman Aiki

Sakin layin da ke bayanin sabuwar takardar shaidar ƙwarewa yakan zo na biyu a wasiƙar neman aiki, bayan mai nema ya faɗi gurbin da yake so. Ga wanda bai daɗe yana aiki ba, nan ne nauyin wasiƙar yake. Manajan da ke ɗaukar ma'aikata ya riga ya ga sunan takardar a jerin karatun mai nema, don haka maimaita sunan kawai ba ya ƙara masa komai. Abin da yake son sani shi ne aikin da mutumin zai iya yi da hannunsa idan aka ɗauke shi.

A ɗauki misalin matashin da ya gama bautar ƙasa, ya ci jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, yana neman gurbin ƙaramin ma'aikaci mai kula da sadarwar kwamfutoci. Jimlar farko ta kawo cikakken sunan takardar, da wanda ya bayar da ita, da watan da aka same ta. Watan yana da amfani domin CCNA takan yi shekara 3 ne kafin a sabunta ta.

A nan ne da yawa suke yin kuskure mai tsada. Akwai takardar kammala kwas, irin wadda ake samu bayan darussan Cisco Networking Academy ko wata cibiyar horo, akwai kuma shaidar cin jarrabawa mai lamba 200-301, wadda ake zaunawa ƙarƙashin sa ido ta hannun Pearson VUE. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya halarci kwas kawai ya rubuta cewa yana da CCNA, asirinsa zai tonu da zarar an nemi hanyar tantancewa, kuma daga nan sauran maganganun wasiƙar sun zube. Gara ya ce ya kammala kwas, yana shirin jarrabawa a wata kaza.

Bayan suna sai hujja. Mai nema ya koma kan tallar aikin, ya zaɓi buƙata ɗaya ko biyu da karatunsa ya shafa, ya nuna inda ya taɓa gwada su. Ba dole sai aikin albashi ba: zaman SIWES, da hidimar bautar ƙasa, da gwaji a gida duk hujja ne, muddin an kira kowanne da sunansa na gaskiya. Sakin layin zai iya fitowa kamar haka:

"A watan Maris na 2025 na ci jarrabawar CCNA ta Cisco. Lokacin shiri na gina tsarin ofis mai sassa 3 a manhajar Packet Tracer, na raba kowane sashe da VLAN nasa, na kuma saita DHCP. A makarantar da na yi bautar ƙasa, na haɗa kwamfutoci 20 na ɗakin jarrabawa, na gano cewa adireshin IP da ya maimaitu ne ke katse wasu daga cikinsu, na gyara. Ban yi aiki a babban kamfani ba tukuna, amma tallarku ta ambaci saita na'urori da warware matsalar haɗi, kuma waɗannan su ne abubuwan da na fi gwadawa."

Ƙarfin wannan rubutu yana cikin rarrabewa. Mai nema ya bayyana cewa Packet Tracer kwaikwayo ne a kan allo, ɗakin makaranta kuma waya ce da na'ura ta zahiri. Manajan da ya san fannin ya san cewa a manhaja waya ba ta tsinkewa, wuta ba ta ɗaukewa, don haka labarin kwamfutoci 20 ya fi masa nauyi duk da ƙanƙantarsa. Ƙarancin gogewa kuma an faɗe shi sau ɗaya, cikin rabin jimla, ba tare da ban haƙuri ba. Wasu sukan cika wurin da roƙo, su ce a taimaka musu saboda halin da suke ciki, alhali manaja yana da gurbin da zai cike ne, kuma shi ma akwai na sama da shi da zai yi wa bayani.

Jimla 4 zuwa 5 sun wadatar. Jero dukkan darussan manhajar jarrabawa ɓata wuri ne, domin duk wanda ya ci ta irin jerin ke gare shi. Kafin aikawa, mai nema ya bi kowace jimla ya tambayi kansa ko zai iya kare ta a ganawa. Idan ya rubuta VLAN, ya sa ran za a tambaye shi dalilin raba sassan da yadda ya sa suka yi magana da juna. Abin da ba zai iya bayyanawa da bakinsa ba, ya cire shi daga wasiƙar.